Aiki a Saudiyya: inda mutanenmu na Damagaram suke tuntuɓe tun kafin su hau jirgi

Bara ɗan yayata ya same ni a gida bayan sallar isha'i da takarda a hannu, yana murna. Ya ce, "Kawu, Allah ya yanke mini wahala, wani Alhaji ya samo mini aikin tuƙi a Jidda, riyal 1,500 a wata." Alhajin yana neman jika 900, rabi yanzu, rabi ranar da biza ta fito. Har uwar yaron ta fara cinikin gonarta. Na ce a dakata mini mako biyu. Abin da muka tono a makonnin nan shi ne kurakuran da nake gani kullum, daga Birni har Zango.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar sanayya a matsayin shaida. Ana cewa ai ɗan unguwa ne, ai ya yi Hajji sau uku, ai shi ya kai ƴar wance. Duk wannan bai ba shi izinin kai mutane aiki waje ba. Mai wannan sana'a a Nijar sai ya riƙe takardar izini daga ma'aikatar ƙwadago, kuma hukumar ANPE ce ke kula da harkar samar da aiki. Da muka tambayi Alhajin takardunsa, sai ya fito da rajistar kasuwanci da lambar haraji, wato RCCM da NIF, duk da hatimi. Takardu ne na gaskiya, amma mai sayar da siminti ma yana da irinsu. Abin da suke nunawa kawai shi ne mutum ɗan kasuwa ne. Maganin abin da sauƙi: ka rubuta sunan kamfanin daidai yadda yake a takarda, ka taka da ƙafarka zuwa ofishin ANPE ko wurin sufeton ƙwadago a nan Zinder, ka tambaya ko sun san shi da wannan aikin. Kada ka kira lambar da dillalin ya ba ka don "tabbatarwa", domin ƙaninsa ne zai ɗauka. Idan ya ce shi wakilin wani kamfani ne na Yamai, to kamfanin ne za a bincika, kuma da sunan kamfanin za a rubuta rasit.

Biza kuwa, nan ne aka fi cin mutane. Da na matsa, sai Alhajin ya ce, "Malam, da ta Umara zai shiga, idan ya isa sai a juya masa." Ba a juya bizar Umara ta koma ta aiki. Wanda ya shiga da ita ya kama aiki ya karya dokar ƙasar, idan wa'adinta ya cika kuma ya zama ba shi da takarda, sai ɓuya, har ranar da za a kama shi a tsare a maido shi gida. Bizar aiki daga can take tasowa: mai ɗaukar aikin ne yake neman ta a wurin hukumomin ƙasarsa, tana fitowa ɗauke da sunansa da sana'ar da aka ɗauke ka, kuma sai an yi maka gwajin lafiya kafin a ba ka. Ka duba abin da aka rubuta a wurin nau'in biza. Idan ka ga Umrah ko Visit, ba ta aiki ba ce, ko da wa ya rantse maka. Hoton da aka turo ta waya ma ba hujja ba ne, yaran shagon kwamfuta suna iya haɗa irinsa. Ana duba lambar biza da ta fasfo a shafin ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya, visa.mofa.gov.sa, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Yamai. Hanya ce ta wajen kilomita 900, na sani, amma kuɗin mota bai kai gona ba.

Da Alhajin ya ga mun ƙi ta Umara, bayan kwana biyar sai ya dawo da kwantiragi, Larabci a dama, Faransanci a hagu. Yaron ya karanta na hagu ya ce komai daidai. Wannan ma kuskure ne, domin a dokar ƙwadago ta Saudiyya idan harsuna biyu suka saɓa, Larabcin ake bi. Muka kai wa wani abokina da ya yi karatu a jami'ar Musulunci ta Say. (Ba kowane malamin zaure ne ya saba da Larabcin ofis ba, wannan ba raini ba ne, fanni ne daban.) Ya karanta a hankali, sai ga riyal 1,000 a ɓangaren Larabci. A canjin wajen sefa 150 kowane riyal, jika 150 ke nan a wata maimakon jika 225 da yaron yake lissafi. Ma'ana sai ya yi wata shida cur yana aiki bai taɓa ko dala ba kafin ya maida jika 900 ɗin.

Akwai kuma abin da ya fi albashin nauyi. Yaron yana zaton direban kamfani zai zama, amma sana'ar da aka rubuta direban gida ce. A can, direban gida yana cikin rukunin ƴan aikin gida tare da masu shara da girki. Ƙa'idarsu daban take da dokar ƙwadago ta ma'aikatan kamfani, kuma ta shafin Musaned ake ɗaukar su, alhali kwantiragin ma'aikacin kamfani a shafin Qiwa ake rajistarsa. Aikin gida ba abin kunya ba ne, sai dai mutum ya san wanda ya sa wa hannu. Banda sana'a da albashi, a nemi a ga tsawon kwantiragin, da ranar hutu, da wanda zai ba da masauki da abinci, da cikakken sunan kafili, wato mai ɗaukar aikin, da garinsa. Inda aka bar gurbi babu rubutu aka ce "za a cike a can", kada a sa hannu. A kuma bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda ya iya karatu.

Sannan maganar kuɗi. Mutanenmu sun saba da cewa mai neman aiki shi ke biya, har idan ba a nemi kuɗi ba sai su yi zargin aikin ƙarya ne. A dokar Saudiyya, kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama, wato takardar izinin zama, da na sabunta ta, har da tikitin komawa gida idan kwantiragi ya ƙare, duk a wuyan mai ɗaukar aiki suke. Don haka ka nemi dillali ya rarraba maka a rubuce: nawa na fasfo, nawa na likita, saura na mene ne. Namu Alhajin ya ce ba a haka a harkar nan, a dai aika da kuɗin ta kamfanin aike da sunan wani yaronsa. A nan na miƙe na ɗauki hulata.

Wanda Allah ya sa nasa na gaskiya ne, akwai sauran aiki bayan sauka. Kafili ne zai fitar maka da iƙama cikin kwana 90 da shigarka, ka riƙa tuna masa. Ba shi da ikon riƙe fasfonka, ko da yake da yawa suna yi, shi ya sa ake ɗaukar hoton fasfo da biza a ajiye a waya, a kuma tura gida. Idan zama ya yi tsami, kada ka tsallake katanga ka tafi wurin ƴan gari. Kafili zai kai rahoton ka gudu, abin da suke kira hurub, daga nan kai mai gaskiya ka koma mai laifi. Ƙara ake kaiwa ofishin ƙwadago na can, a sanar da ofishin jakadancin Nijar a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda.

Ɗan yayar tawa ya yi wata guda ba ya gaishe ni da kyau. Fasfonsa da ya riga ya miƙa wa Alhajin ma sai da muka yi sintiri sau huɗu kafin ya fito.