Yadda Ake Zaɓar Kalmar Ban Kwana a Baƙon Harshe

Masu koyon harshe da na sha gani suna tuntuɓe a wuri ɗaya: suna ɗauka kowane harshe yana da "sai an jima" irin tamu, wadda ake faɗa ko za a sake haɗuwa yau ko sai baɗi. Turanci ne ya ƙara ruɗa su, domin "see you later" da "see you around" haka suke, babu alkawari a cikinsu.

Abu na farko, kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka: yaushe zan sake ganin mutumin nan? Yau, wata rana sananniya, ko sai Allah ya haɗa? A ganina duk wanda ya tsallake wannan tambaya, haddar da ya yi ba za ta cece shi ba.

Na biyu shi ne inda ake faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa. A Faransanci "à tout à l'heure" tana nufin lallai za ku sake haɗuwa a wannan yinin. Mu ce ranar Alhamis ce, ka gama magana da abokin aikinka da ƙarfe 10 na safe, kuma akwai taro da ƙarfe 3. Nan ne gurbinta. In ba za ku haɗu ba sai Litinin, ambaci ranar, ka ce "à lundi". In kuwa babu wata rana da aka tsayar, "à bientôt" ko "au revoir" ta wadatar. In ka ce "à tout à l'heure" alhali ba za ku haɗu yau ba, alamar ka yi kuskure a fili take: abokin aikin zai tsaya, ya tambaye ka ko akwai wata ganawa yau da ya manta. Jamusanci ma ya raba su: "bis gleich" ta ɗan lokaci kaɗan ce, "bis später" yawanci ta wannan rana, "bis bald" kuma ba ta ɗaure kowa. Littattafan matafiya masu arha sukan jera duka ƙarƙashin ma'ana ɗaya, kada ka dogara da su. Gara ka kasa kunne ka ji abin da masu harshen ke faɗa wa wanda za su gani gobe.

Sifaniyanci ya fi kusa da mu. A Sifen mai kanti zai ce maka "hasta luego" ko da ba zai ƙara ganinka ba.

Na uku, in an ce maka "ya kamata mu haɗu wani lokaci", nemi rana da lokaci da wurin haɗuwa. In babu ko ɗaya, ladabi ne kawai. Kana son haɗuwar da gaske? Kawo rana sau ɗaya. Ya kauce bai kawo tasa ba, bar maganar.

Sai kalmomi masu nauyi. Ka guji "adieu" ta Faransanci, ta rabuwar har abada ce, kuma "sayonara" ba ita abokai ke faɗa wa juna kullum a Japan ba, "mata ne" suke cewa.