Katinka ya ƙare ko an canza maka lamba? Ga inda mutane ke yin ɓarna da kuɗin da ake cire musu wata-wata

Wallahi na gaji da jin magana ɗaya daga bakin mutane, an ba mutum sabon katin banki, bayan sati uku ya dawo yana kuka wai an rufe masa abu kaza, ko kuma wai ya canza kati amma har yanzu wani kamfani na cire masa kuɗi. Duka biyun kuma daga wuri ɗaya suke, mutum ya ɗauka akwai abu guda da ke faruwa da duk biyan da ya ɗora a kan kati, alhali babu. Wasu za su bi ka zuwa sabon katin, wasu kuma za su tsaya shiru ba wanda zai buga maka waya.

Dalilin shi ne Visa da Mastercard kowannensu yana da tsarin da bankinka zai tura sabuwar lamba ko sabon kwanan wata, kamfanin da ka ajiye katinka a wurinsa kuma ya karɓa ba tare da ka yi komai ba. Na Visa sunansa Visa Account Updater, na Mastercard kuma Automatic Billing Updater. Amma fa sai bankinka yana cikin tsarin kuma kamfanin ma yana ciki, in ɗaya ba ya ciki to shi ke nan tsohuwar lambar ce za su ci gaba da gwadawa tana ƙi. Shi ya sa a kati ɗaya za ka ga na kallon fim ya wuce lafiya lau, na ajiyar hotuna kuma ya maƙale.

Kuskure na farko, wanda ni kaina ya ci ni, shi ne zama ka ce ai komai zai koma da kansa. Ina da shafin intanet na sana'ata, sunan shafin kuma, wanda imel ɗin sana'ar ma a kansa yake, shekara-shekara ake sabunta shi daga katina. Katin ya ɓata na sa aka toshe shi, aka ba ni sabo da wata lamba daban. Na zauna na gyara waɗanda nake tunawa, duk na wata-wata ne domin su nake ganin alat ɗinsu kullum, na shekarar nan kuwa ko a raina bai zo ba. Wata bakwai bayan haka lokacinsa ya yi, suka gwada cirewa ya ƙi, suka sake gwadawa, suna ta turo min saƙo a wani tsohon imel da na daina buɗewa. Ban farga ba sai da wani abokin ciniki ya ce min shafinka fa ba ya buɗewa kuma na turo maka saƙo ya dawo min. Kafin in kai ga gyarawa ƙarin wa'adin da suke bayarwa ya wuce, sunan ya shiga zangon fansa, wato lokacin da sai ka biya ƙarin kuɗi kafin a dawo maka da shi, wanda a sunan da ya ƙare da .com kwana 30 ne, kuma kuɗin fansar ya ninka na sabuntawa nesa ba kusa ba. Na biya ina jin zafi, don in wannan zangon ya ƙare, kwana 5 ne ya rage a saki sunan kowa ya iya saye. Saƙonnin da mutane suka turo min a waɗancan kwanakin kuwa har yau ban san nawa ba ne.

Tun daga nan, ranar da na karɓi sabon kati nake ciro bayanan asusuna na wata 13, ba 12 ba, saboda na shekara ya fito ko da kwanansa ya ɗan gota. In bi layi-layi in rubuta duk sunan da ya maimaitu da duk wanda ya fito sau ɗaya amma na san sabuntawa ne, sannan in shiga kowanne in duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke rubuce a wurin biya. In na tsohon kati ne in saka sabo in goge tsohon, in kuma duba wane imel ne a ciki. Wasu na cewa wahala ce, ni dai awa ɗaya take ɗaukata.

Na biyu shi ne ya fi ba ni haushi, domin har shawara ake ba juna a kai. Wai in kana so ka rabu da kamfanin da ke cire maka kuɗi, ka toshe katin kawai ka karɓi sabo. Haba jama'a! Kati hanyar biya ce kawai, yarjejeniyar da ka danna ka amince tana nan daram. In kamfanin yana cikin tsarin da na faɗa a sama, sabuwar lambar za ta iya riskarsu, wata mai zuwa ka ga alat kamar ba a yi komai ba. In kuma ba su samu ba, mai sauƙin cikinsu ya rufe maka asusu, amma wanda kuka yi alkawarin shekara da shi bashi yake rubuta maka, inshora kuwa tana iya tsayawa kai kana zaune kana ganin kana da kariya. Ƙanwata ta yi wannan, ta canza kati don ta gudu, aka cire mata har sau biyu a sabon kafin ta lura, da ta kai ƙorafi abu na farko da aka tambaye ta shi ne shaidar cewa ta soke, ba ta da ita. Ka shiga ka soke a wurin kamfanin, ka ɗauki hoton allon ko ka ajiye saƙon tabbatarwa, in sun sake cirewa bayan haka sai ka je banki da hujja ka ce a tsayar da su kuma a dawo maka da kuɗinka.

Sauran ƙanana ne. In an rubuta 08/27 a kati, yana aiki har ranar ƙarshe ta Agusta 2027, ba ranar 1 ga wata yake mutuwa ba. In sabon kati ya zo da lamba iri ɗaya da ta da, kar ka ce ba abin da ya canza, kwanan wata ya canza kuma CVV ma, wato lambobi ukun nan na bayan kati, yawanci sabo ne. Sabon katin da ba ka kunna ba tukuna zai iya ƙin biya, ka kunna shi kafin ka fara saka shi a ko'ina. Abin da ake cirewa da lambar asusu kai tsaye ba ruwansa da kati, kar ka ɓata lokaci a kansa. Kuɗin da za a maido maka ta tsohon kati ma yawanci asusunka yake faɗawa matuƙar ba ka rufe asusun ba.

Sai saƙon nan mai cewa biyanka bai shiga ba, danna nan ka sabunta katinka. A daidai lokacin da ka canza kati kana sa ran irinsa, shi ya sa 'yan damfara ke samun mutane da shi. Ni ba na danna mahaɗin ko da na gaske ne, manhajar kamfanin nake buɗewa da kaina, in da matsala a shafin biya zan gan ta.