Yadda ake saita Denoising strength a img2img don kada hoto da umarni su yi ta kokawa

Kusan duk wanda na gani ya fara img2img a Stable Diffusion, wato ba injin zanen AI hoto da umarni don ya fitar da sabon hoto daga gare su, kuskure ɗaya yake yi. Zai ɗora hotonsa, ya rubuta umarni mai tsawo a akwatin Prompt, ya danna Generate, sai ya ga fuskar wani baƙo ta fito a madadin tasa. Ko kuma hoton ya dawo masa yadda ya sa shi, kamar ba a taɓa ba. Daga nan sai ya koma kan rubutun yana ƙara kalmomi yana ragewa har dare ya yi, alhali matsalar tana kan wata 'yar silaida guda ɗaya da bai ko kalla ba.

Sunanta ya danganta da manhajar da kake tafiyar da Stable Diffusion da ita. A AUTOMATIC1111 sunanta Denoising strength, a ComfyUI ita ce denoise da ke cikin KSampler, a diffusers kuma strength kawai. Daga 0 zuwa 1 take tafiya. Ba zan tsaya kan yadda ake ɗora hoto ko zaɓen model ba, na ɗauka ka wuce nan.

Mataki na farko, ka gane me lambar take yi

Yawancin mutane sun ɗauka lambar tana nufin yadda injin zai saurari umarninka. Ba haka take ba. Lambar tana faɗa wa injin yawan ɗige-ɗigen da zai watsa wa hotonka kafin ya fara aiki, irin wanda talabijin ke yi idan ba sigina. Sai an lulluɓe hoton tukuna sannan injin ya fara sharewa, kuma duk inda abin ya ɓace to da umarninka yake cike gurbin. Kenan umarni ba shi da wajen aiki sai inda aka goge. Idan ka sa 0.2 abin da aka goge kaɗan ne, ko ka rubuta shafi guda ba inda zai zauna. Idan ka sa 1 kuwa kusan ba abin da ya rage na hoton, ka koma kamar mai txt2img, wato mai fitar da hoto daga rubutu kaɗai.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne hoton ba gaba ɗaya yake ɓacewa lokaci guda ba. Ka tuna yadda hazo yake yi. Idan ya fara sauka, ƙananan abubuwa ne ke fara ɓacewa, rubutun jikin allo, zaren tufafi, ƙwayar ido. Ya ƙara kauri sai kamannin fuska su tafi amma kana ganin mutum ne a tsaye. Abin da ke ɓacewa a ƙarshe shi ne manyan launuka da inda haske yake da inda duhu yake. Haka lambar nan take cin hoto, daga ƙanana zuwa manya, kuma wannan jerin ne ke nuna maka abin da umarni zai iya canzawa a kowace lamba.

Ka lura fa, ba kowane dandali ne ke lissafi ta wannan fuskar ba. A DreamStudio abin da suka kira Image strength a juye suka yi shi, idan aka ƙara shi hoton asali ne ke ƙara ƙarfi. Haka ma --iw na Midjourney, ƙara shi ƙara wa hoton nauyi ne. Kafin ka kwafi lambar wani ka tabbatar da wane kayan aiki yake magana a kai.

Mataki na biyu, ka daure sauran abubuwa

Kar ka taɓa gwada strength alhali Seed, lambar da ke zaɓen ɗige-ɗigen da za a zuba, yana kan -1. A wajena wannan doka ce. Idan yana -1 kowane dannawa sabon ɗige-ɗige ake zubawa, ba za ka taɓa sanin ko lambar ce ta canza hoton ko sa'a ce kawai ba. Sa masa kowace lamba, ko 1234 ne, ka bar shi. CFG Scale, silaidar da ke matsa wa injin ya bi umarni, ka bar shi a 7 yadda ya zo. Girman hoto kuma ya dace da model, wajen 512 idan SD 1.5 ne, wajen 1024 idan SDXL ne, kuma idan tsawo da faɗin hotonka ba su yi daidai da akwatin ba ka zaɓi Crop and resize, don Just resize miƙe fuska yake yi.

Mataki na uku, ka jera gwaji

AUTOMATIC1111 yana zuwa da 0.75, kuma shi ya sa sababbi ke ganin baƙuwar fuska a dannawar farko. Sauka ƙasa wajen Script ka zaɓi X/Y/Z plot, a X type ka sa Denoising, a X values ka rubuta haka:

```
0.3, 0.4, 0.5, 0.6, 0.7
```

Zai fitar maka da hotuna biyar a jere. Idan a dandalin biya kake, inda kowane hoto ke cin kiredit, uku ma sun isa, 0.35 da 0.5 da 0.65, daga nan ka san ɓangaren da za ka matsa.

Bari in kawo aikin da ya koya min wannan. Hoto ne na wata mata zaune a kan kujera kusa da taga, sanye da baƙar riga, ana son a mayar da shi zanen fenti na ruwa kuma rigar ta zama ja. Na rubuta duka biyun a umarni. A 0.3 hoton kyamara ne har yanzu, fatar ce kawai ta ɗan yi sumul, riga baƙa ƙirin. A 0.4 gefunan abubuwa sun fara narkewa kamar an sa burushi, ana gane matar sarai, riga baƙa. A 0.5 zanen ya kama sosai, amma hanci da baki sun fara zama na wata, riga kuma ta tsaya wani launi mai duhu tsakanin baƙi da ruwan ƙasa. A 0.6 ja ya fara leƙowa, fuskar ta tafi. A 0.7 riga ta yi ja yadda ake so, matar kuma wata ce daban, har yadda ta ajiye hannu ya canza, taga ce kaɗai ta tsaya a inda take saboda ita ce babban farin da ke cikin hoton.

Mataki na huɗu, inda na daɗe a maƙale

Na yi kwanaki ina neman lambar da za ta ba ni ja kuma ta bar min fuska, 0.52, 0.55, 0.58, ina canza Seed ina dawowa. Babu ita, kuma dalilin yana cikin jerin nan na hazo. Fuska ƙaramin abu ce, da wuri take ɓacewa. Baƙar riga babban launi ce, sai can ƙarshe take sakin jiki. Duk lambar da ta isa ta goge baƙin rigar ta riga ta goge fuskar tun tuni. Abubuwa biyun da nake so suna zaune a wurare biyu na silaida ɗaya.

Da na gaji sai na yi abin da kowa ke yi, na ɗaga CFG Scale zuwa 14 don in tilasta masa. Abin da na samu launuka ne da suka ƙone, gefuna sun yi kaifi, fata ta yi ƙyalli kamar roba, riga kuma ta samu wani jan zobe a gefe tsakiyarta baƙa. CFG yana ƙara matsa umarni ne a cikin ɗan filin da strength ya buɗe, ba ya faɗaɗa filin. Idan ka ga launi ya ƙone, CFG ne ya yi yawa. Idan ka ga an yi banza da umarninka kuma hoton na nan lafiya lau, strength ne ya yi kaɗan.

Maganin da ya yi min aiki mai sauƙi ne har na ji haushin kwanakin da suka wuce. Ka gyara hoton da hannu kafin ka ba injin. Na buɗe shi a manhajar gyaran hoto, na ɗauki babban burushi na shafa ja a kan rigar, ba wani tsari, minti biyu. Na dawo da shi a 0.42 da Seed ɗin nan dai. Riga ta fito ja har da lanƙwasar yadi da inuwa, fuskar kuma ana gane ta. Yanzu hoto da umarni magana ɗaya suke yi, ba sai an goge da yawa ba. Tun daga ranar duk canjin da ya shafi babban launi ko inda abu yake zaune, a kan hoton nake yinsa. Salo da laushi da irin fenti su nake bar wa umarni.

Wani abu da ke da alaƙa da wannan, umarninka ya bayyana abin da ke cikin hoton, ba canjin kaɗai ba. Idan salon zane kawai ka rubuta ba ka ambaci mace da kujera da taga ba, daga 0.5 zuwa sama injin zai fara cike gurbi da abin da ya ga dama, hannun kujera ya zama wani abu daban.

Mataki na biyar, lissafin steps

Steps su ne yawan matakan da injin ke bi wajen share ɗige-ɗigen. A diffusers ba duka steps ɗin da ka rubuta ake yi ba, ana ninka su ne da strength:

```
30 * 0.3 = 9
```

Kenan steps 30 a 0.3 guda 9 ne kawai, shi ya sa ƙaramar lamba ke gamawa da sauri kuma wani lokacin hoton ya fito da dishi-dishi. AUTOMATIC1111 ma haka yake yi sai dai in ka kunna zaɓin da ke Settings na yin adadin da silaida ta nuna cif. ComfyUI shi yana yin adadin da ka rubuta. Don haka a diffusers da AUTOMATIC1111, idan kana ƙasa da 0.4 ka ɗaga steps zuwa 40 ko 50.

Sauran a gurguje. Idan wuri ɗaya kawai kake son canzawa, je Inpaint ka shafa wurin, can za ka iya kai strength 0.75 ba ka taɓa fuska ba. Idan tsayuwar mutum da tsarin ɗaki kake son riƙewa amma komai ya sake, ControlNet ne aikinsa, ƙarin kayan aikin da ke riƙe tsarin hoto, da canny mai bin gefuna ko depth mai bin nisa da kusa, sai ka ɗaga strength yadda kake so. Zagaye biyu a 0.35 yakan riƙe kamanni fiye da zagaye ɗaya a 0.6, amma ni ba na wuce uku don launi yana fara dusashewa. Ƙaramin rubutu kuwa, irin na jikin kwali ko allo, ko a 0.1 yakan lalace saboda VAE, ɓangaren da ke shigar da hoto cikin injin, yana matse hoton sau takwas ta tsawo da faɗi kafin a fara komai, 512 ya koma 64. Ka bar shi ya lalace, in an gama ka manna na asali a kai.