Matakan Daidaita Allon Kwamfuta Don Aikin Dare

Da farko, ka kunna fitila mai taushin haske a gefe, domin allo mai ƙyalli cikin ɗaki mai duhu ya fi gajiyar da ido. Sannan ka ajiye farar takarda kusa da allon, ka riƙa rage haskensa har farinsu ya yi daidai. Idan allon yana haska takardar tamkar fitila, da sauran ragi.

Bayan haka ka kunna Night light a Windows, wato tsarin da ke rage shuɗin hasken allo, ka riƙa ƙara ƙarfinsa har launin hasken ya sauya daga fari mai shuɗi-shuɗi zuwa ruwan ɗorawa, sai dai ka kashe shi lokacin gyaran hoto. Daga ƙarshe, idan baƙin rubutu ya koma toka-toka, ka ƙara Contrast kaɗan, wato bambancin da ke tsakanin fari da baƙi a allon, maimakon haske.