Babi na 6: Auna Bakin Rufi Don Inuwa Ta Rufe Taga

Darasi na 1: Inda rana take bi

Bangon bulo idan ya wuni a rana yakan sha zafi ya riƙe, da dare sai ya sako shi cikin ɗaki. Shi ya sa a watan Maris da Afrilu mutum zai kwanta yana gumi alhali waje ya yi sanyi. Maganinsa shi ne a hana rana taɓa bango da taga tun farko. Bakin rufi, wato kwanon da ya zarce bango ya fito waje, shi ke wannan aiki, kamar malafa a kan manomi.

A nan Kaduna, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, rana takan ɗan karkata arewa da tsakar rana. Sauran watanni tana kudu, kuma a Disamba ta fi yin ƙasa. Saboda haka da bangon kudu za mu fara.

Darasi na 2: Awon bangon kudu

Ku ɗauki tef. Ku tsaya a waje, ba a cikin ɗaki ba. Ku auna daga daidai bakin rufi, ku sauko har ƙasan taga. Abin da kuka samu, ku raba shi biyu. Rabin nan shi ne tsawon da rufi zai zarce bango.

Ga misali. Tsayin taga ƙafa 4 ne. Daga saman taga zuwa bakin rufi akwai ƙafa 1. Idan an haɗa, ƙafa 5 ke nan. Rabin 5 shi ne 2 da rabi. To, rufi zai fito ƙafa 2 da rabi, wato inci 30.

A nan ake tuntuɓe. Da yawa sukan auna tagar kaɗai, su ce 4, su raba su sami 2. A'a. Inuwa daga bakin rufi take farawa, sai ta ci ƙafa ɗayan nan ta bango kafin ta iso taga. Wanda ya manta da ita, rana za ta shiga masa ta ƙasan taga. Kada ku damu, kowa yakan yi wannan kuskure da farko. Mu sake. Daga ina ake farawa? Daga bakin rufi. Ina ake tsayawa? Ƙasan taga.

Ku gwada wannan a littafinku: taga ƙafa 4, tsakaninta da rufi ƙafa 2. Amsa ƙafa 3 ce, domin 4 da 2 shida ne. Wanda ya rubuta 2, tagar kaɗai ya auna. Haba jama'a, yanzu fa muka faɗa! A goge, a koma bakin rufi, a sauko ƙasan taga, sannan a raba.

Wani abu kuma: inci 30 ɗin nan a miƙe ake auna shi, daga jikin bango zuwa waje, ba a bin gangaren kwano. Ku faɗa wa kafinta haka da bakinku, don idan ya bi gangare awon zai gaza.

Da wannan awo, taga za ta kasance cikin inuwa da tsakar rana daga farkon Fabrairu zuwa farkon Nuwamba. A Disamba da Janairu rana za ta ɗan leƙa ƙasan taga. A ganina babu laifi, lokacin hunturu ne, ɗumin ma ana so. Bangon arewa kuwa, awon kudu ya ishe shi.

Darasi na 3: Gabas da yamma

A nan raba biyu ba ya aiki. Da ƙarfe 4 na yamma a watan Maris rana ta sauko, tana shiga ta ƙarƙashin rufi. Bakin rufi mai ƙafa 2 da rabi inuwar kamar ƙafa 2 kawai zai bayar, rabin tagar ma bai rufe ba. Sai dai baranda mai faɗin ƙafa 6, ko rumfar zana, ko a dasa darbejiya nesa kaɗan da harsashin gini. Wanda bai fara gini ba tukuna, ya rage tagogi a yamma, ya mayar da su kudu da arewa.

Darasi na 4: Iska

Guguwar farkon damina takan ɗaga dogon bakin rufi. Idan ya wuce ƙafa 3, a tokare shi da katako, a kuma ɗaure katakon rufi da langalanga a jikin bango.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku auna tagar kudu ta ɗakinku, ku kawo amsa aji. Daga bakin rufi.