Darasi na Bakwai: Idan An Ba Ka Rabin Albashi

A ce kai maigadi ne a wani kamfani a Agege, albashinka naira 80,000 a wata. A watan Yuli aka ba ka 50,000, a Agusta 40,000, Satumba kuwa ko sisi. Kullum sai manaja ya ce ka yi haƙuri, kasuwa ce ba ta tafiya. To, mai gidan haya ba ya karɓar haƙuri.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Rashin ciniki ba ya goge haƙƙinka. Abin da ya rage bashi ne a kan kamfanin.

Idan an miƙo maka rabi, ka karɓa, karɓar ba ta nufin ka yafe sauran. Inda ake cutar mutanenmu shi ne wajen sa hannu. Za a turo maka takarda a ce ka dangwala yatsa, alhali an rubuta 80,000 a ciki, kai kuwa 50,000 ka karɓa. Kada ka dangwala sai ka karanta adadin da idonka, ko wanda ka amince da shi ya karanta maka. Wannan ne ya fi damuna, domin da zarar yatsanka ya hau takardar, ta zama shaida a kanka.

Ka sayi ɗan littafi. Kowane wata ka rubuta ranar biya, da abin da aka ba ka, da abin da ya rage. A misalinmu, Yuli saura 30,000, Agusta saura 40,000, Satumba 80,000 cif. Jimla 150,000 ke nan. Kada ka goge saƙon banki da ke wayarka. Ka kuma adana katin aiki da takardar ɗaukar aiki, wadda doka ta wajabta a ba ka cikin wata 3 da fara aiki.

Daga nan sai wasiƙa, cikin ladabi: watannin, jimlar kuɗin, da ranar da kake so a biya ka, misali nan da kwana 14. Ka yi kwafi biyu, su sa hannu a naka. Idan ku da yawa ne, ku rubuta tare. Kada fushi ya sa ka ɗauki kayan kamfani a madadin kuɗinka, nan take maganar za ta koma ta sata.

Idan suka yi shiru, ka kai takardunka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko cibiyar sasanci ta gwamnatin jihar Legas, inda ake zaunar da ku kyauta. In sasanci ya gagara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi.

Aikin gida: albashin direba 90,000 ne. An ba shi 60,000 a Mayu, 45,000 a Yuni. Nawa yake bi? Rubuta masa wasiƙar neman kuɗinsa a layi biyar.