Darasi: Yadda kamfani ke shiga kasuwar hannayen jari

Kamfani yakan fara ne a hannun mutane kaɗan: waɗanda suka kafa shi da waɗanda suka zuba masa kuɗi tun yana ƙarami. Idan ya bunƙasa yana neman ƙarin jari, yana iya yanka mallakarsa ƙanana-ƙanana ya sayar wa jama'a. Kowane yanki shi ne hannun jari. Sayarwar farko ga jama'a ita ce za ku ga an rubuta IPO a jarida ko a waya.

Ba a wayi gari kawai a fara sayarwa. Kamfanin zai ɗauki wani banki ya jagoranci cinikin, masu binciken kuɗi su tantance littattafansa, sannan a rubuta takardar bayani mai kauri. A cikinta ake faɗin ribar kamfanin, bashin da ake binsa, abin da za a yi da kuɗin, da haɗurran da ke gabansa. Sai hukumar da ke kula da harkar ta duba takardar kafin a sayar da ko hannu ɗaya. A Najeriya sunanta SEC, kasuwar kuma NGX ce da ke Legas. Ku lura, hukumar tana duba ko an bayyana abin da doka ta ce a bayyana ne, ba ta yi wa kowa alkawarin riba ba.

Daga nan bankin zai zagaya wajen manyan masu kuɗi ya ji nawa za su saya, kuma a kan nawa. Da wannan ake yanke farashi. Mai kaya da dillalinsa ne suka yanke shi, kuma dillalin yana samun la'adarsa daga kuɗin da aka tara. Da zarar an buɗe ciniki a kasuwa, farashin ya fita daga hannunsu, sai yadda masu saye da masu sayarwa suka yi da shi.

Mu ɗauki Facebook, tunda kusan kowa ya san shi. Ya shiga kasuwar Nasdaq ta Amurka ranar 18 ga Mayu, 2012, bankin Morgan Stanley ne kan gaba. Da fari an ce hannu ɗaya zai kama tsakanin dala 28 zuwa 35. Da aka ga mutane na rububi, sai aka ɗaga, aka tsaya a kan 38. An tara kimanin dala biliyan 16.

To amma ba duka kuɗin ne suka shiga asusun kamfanin ba. Fiye da rabin hannayen da aka sayar na tsofaffin masu jari ne, kuɗinsu kuma aljihunsu ya tafi. Wannan ba laifi ba ne, kuma yana rubuce a takardar bayani. Sai dai idan waɗanda suka fi kowa sanin cikin gida suna rage nasu, ya kamata mai saye daga waje ya tambayi kansa dalili. A takardar dai kamfanin ya yi gargaɗin cewa mutane na komawa shiga ta waya, alhali a lokacin talla a waya ba ta kawo masa kuɗin kirki.

Akwai kuma wa'adi. Ana hana na cikin gida sayar da ragowar hannayensu na wasu watanni, don kada kaya su yi wa kasuwa yawa. Wa'adin farko na Facebook ya cika a watan Agusta, hannaye masu yawa suka sami damar fitowa, farashin da tuni yake sauka ya ƙara faɗuwa. A farkon Satumba ya koma ƙasa da dala 18.

Mu yi lissafi. Wanda ya sayi hannu 100 a kan dala 38 ya biya 3,800. A Satumba abin da ke hannunsa bai kai 1,800 ba. Idan larura ta sa ya sayar a lokacin, ya yi asarar fiye da dala 2,000, ba kuma wanda zai biya shi. Farashin bai sake taɓa 38 ba sai bayan fiye da shekara guda. Wanda ya iya jira ya mai da kuɗinsa har ya ci riba daga baya, wanda kuwa ya saya da bashi ko da kuɗin hayar gida ba shi da wannan sararin. Wasu kamfanonin ma ba sa farfaɗowa sam, kuma idan kamfani ya rushe, masu bin sa bashi ake fara biya, masu hannun jari su ne na ƙarshe.

Tambayoyi

1. Su wa ke yanke farashin sayarwar farko?
2. Wane abu biyu za ku nema a takardar bayani game da tsofaffin masu jari?
3. Mutum ya sayi hannu 50 a kan naira 20, farashi ya sauka zuwa naira 12. Nawa zai yi asara idan ya sayar?